Fata ko Leda? Kada a Tambayi Fuskar Takalmi

Hutu ya kusa ƙarewa, kuma mun san a gidaje da yawa, daga Lausu zuwa Rano da Kibiya, an fara lissafin sandal ɗin makaranta da jakar littattafai. Wasu za a kai su kasuwar Rano, wasu za a ba wani yaya saƙo ya taho musu da shi daga Kano, wasu kuma kuɗin za a damƙa musu a ce su je su zaɓa da kansu. Masu zaɓa da kansu muke so mu yi wa magana yau, domin akwai tambaya ɗaya da kowa yake yi a gaban mai takalma: "Malam, wannan fata ce?" Amsar kuma ba ta canzawa: "Fata ce zalla."

Wani lokacin gaskiya ya faɗa. Wani lokacin shi ma haka aka ce masa a inda ya saro. Amma kafin a yi jarrabawar tsakiyar zango sai ka ga saman takalmin ya fara ɓarewa kamar bawon albasa, wani farin yadi ya leƙo daga ƙasa. Wannan ba fata ba ce, leda ce. Abin dariyar ma shi ne kalmar leda ɗin kanta daga sunan fata a Turanci muka aro ta, muka laƙaba wa abin da ake kwaikwayon fata da shi, har ta kai yanzu ledar zuba tumatir ma sunanta ke nan.

Kafin a iya bambance su, sai an san yadda kowacce take a ciki. Fatar akuya ko tunkiya ko saniya abu ɗaya ce daga sama har ƙasa. Wasu siraran zaruruwa ne da suka sarƙe da juna tun dabbar tana raye, a sama sun matse sosai sun yi santsi, wato wajen da gashi ya fito, a ƙasa kuma sun saki jiki sun yi gashi-gashi, wato ɓangaren nama. Jima ba ta canza wannan tsari. Majemi yana cire gashi, ya kankare nama, ya jiƙa fatar a ruwan bagaruwa don kada ta ruɓe, amma zaruruwan suna nan yadda Allah ya saƙa su. Leda kuwa haɗi ce ta abu biyu ko uku. Ana shimfiɗa yadi, a ɗora masa wani siririn soso, a malala roba a kai, sannan a bi ta da wani ƙarfe mai zane ya buga mata fuskar fata. Robar iri biyu ce aka fi amfani da ita. Akwai Fi-Bi-Si, dangin robar bututun ruwa ce amma an tausasa ta da sinadari, akwai kuma Fi-Yu, wadda ta fi laushi kuma ta fi kama da fata a hannu.

To kun ga inda matsalar take. Duk ƙoƙarin mai yin leda a fuska yake ƙarewa, domin fuska ake gani a kasuwa. Mu kuma fuskar muke shafawa, mu sunsuna, mu ɗaga wa rana. Mun je muna tambayar wajen da aka fi ƙawatawa don a ruɗe mu.

Bari mu ɗan tsaya a kan gwaje-gwajen da aka saba ji, domin kowannensu yana da gaskiya, amma gaskiyar guntuwa ce. Ana cewa a sunsuna. E, fatar bagaruwa tana da ƙamshinta da duk wanda ya taɓa shiga rumfar baduku ya sani, sabuwar leda kuma tana warin roba. Sai dai sabon takalmi, na fata ne ko na leda, gam da man goge takalmi ne suka fi tashi a jikinsa, hanci kuma ba ya wuce su. Ana cewa a ɗiga ruwa, in ya shanye fata ce. Wannan yana aiki a kan fatar da ba a shafe ta da komai ba, irin ta alabe ko gafaka ko takalmin fade na dukawa: ɗigon zai nutse cikin minti ɗaya ko biyu ya bar tabo mai duhu. Amma yawancin fatar takalman makaranta an feshe ta da fenti da mai, ruwa zai zauna a kanta kamar yadda yake zama a kan leda. Ke nan in ruwa ya shiga, ka samu shaida. In bai shiga ba, ba ka samu komai ba.

Wanda ya fi ba mu haushi shi ne gwajin wuta. Za ka ga mai kaya ya ƙyasta ashana ko laita, ya wulga harshen wutar a jikin takalmin sau ɗaya, ya ce, "Ka gani? Da roba ce da ta narke." Wulgawa ta daƙiƙa ɗaya ba ta isa ta narka leda mai kauri ba, ita Fi-Bi-Si ma ba ta cika riƙe wuta ba, kana janye harshen take mutuwa. Gwajin wuta na gaske sai da yankakken ƙyalle da za a riƙe a wuta har ya ci: fata za ta ƙanƙance ta yi baƙi ta yi ƙaurin babbaka, leda kuma za ta yi kumfa ta narke ta yi yauƙi. Ba wanda zai bari ka yi wa sabon takalminsa haka, kuma hayaƙin robar ba abin shaƙa ba ne. Ku bar wuta a kicin.

Abin da za a duba shi ne baki da baya, wato inda aka yanka da kuma ɓangaren da ba a yi don a gani ba. Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce an ajiye maka sandal ruwan ƙasa guda uku, duk irin wanda makaranta take so, duk an ce fata ne, kuɗinsu ya bambanta.

Ɗauki na farko, ka kwance maɗaurin dunduniya. Kada ka kula da ƙyallinsa. Dubi hudojin da ƙarfen maɗauri yake shiga, domin nan ne wurin da mai takalmi ba ya iya ɓoyewa: ko ya naɗe bakin maɗaurin ko ya shafe shi da fenti, huda dole ta ratsa daga sama zuwa ƙasa. Lanƙwasa maɗaurin daidai kan huda ɗaya har bakinta ya buɗe, ka kalle shi a haske. In ka ga hawa-hawa, siririn launi a sama, wani fari ko ruwan toka mai kama da katifa a tsakiya, sannan zare a ƙasa, an gama magana. Sa farce ka ɗan ja bakin, wataƙila ma ka zaro zare ɗaya fari mai tsawo. Fata ba ta da zaren da za a zaro. Juya bayan maɗaurin, za ka ga saƙa, ko layi-layi irin na singileti, ko wani laushi mai kama da auduga da aka danne. Wannan leda ce, kuma cinikin leda za a yi.

Ɗauki na biyu ka yi masa haka. A bakin huda ba hawa-hawa, abu ɗaya ne da ya fara a matse ya ƙare a sake. In ka goga farce, wani gari-gari ne mai kamar gajeren gashi zai tashi. Launin cikin zai gaya maka irin jimar. In ruwan ƙasa ne ko ja-ja, jimar bagaruwa ce ko danginta na itatuwa. In ka ga shuɗi-shuɗi mai ruwan toka a tsakiya, kada ka tsorata ka ce roba ce. Jimar kamfani ce da ake yi da sinadarin kurom, irin wadda manyan majemun Challawa da Sharaɗa suke yi, kuma da ita ake jeme mafi yawan fatar takalma a duniya. Bayan maɗaurin zai yi kaushi kaɗan, in ka shafa shi gaba ka shafa baya launinsa yana ɗan sauyawa.

Yanzu da baki da baya suka yi magana, za ka iya komawa fuska ta ƙara shaida. Danna babban yatsa daga ciki ka turo fatar waje. Za ka ga ƙananan ƙofofin gashi, wasu kusa da juna wasu nesa, ba su jeru kamar sojoji ba. A fatar akuya suna fitowa sarai, a ta saniya ƙanana ne sosai. Matse ta tsakanin yatsu biyu, za ta yi ƙananan tamoji barkatai irin na bayan hannunka, ka saki su baje sannu a hankali. Sai ka haɗa ƙafar dama da ta hagu ka kwatanta. Dabba ba ta da wuri biyu masu zane ɗaya, saboda haka za ka ga ɗan bambanci, wataƙila har da tabon ƙaya ko na kaska. Mu dai in muka ga ɗan tabo a takalmi hankalinmu ya fi kwanciya. Zanen leda kuwa daga ƙarfe ɗaya ya fito, in ka lura da kyau za ka ga yana maimaita kansa.

Na uku shi ne mai wahalar, kuma shi ne yake cin kuɗin waɗanda suke ganin sun waye. Ka juya bayansa, fata ce, da gashi-gashinta da ƙamshinta. Ka dubi fuska, sumul, ba ƙofar gashi ko ɗaya, ko kuma zanen ya yi kyau fiye da kima. Ga abin da ya faru. Ƙirgin saniya yana da kauri sosai, saboda haka a kamfani ana sa shi a injin da yake tsaga shi a kwance, kamar a raba burodi gida biyu. Rabin sama, mai fuskar gaske, shi ne mai tsada da ƙarfi. Rabin ƙasa ba shi da fuska, zaruruwansa kuma a sake suke. Sai a manna masa siririyar robar Fi-Yu a buga mata zane. Mai sayarwa bai yi ƙarya ba da ya ce fata ce, amma fuskar da za ta sha rana da ƙura da lanƙwasa roba ce, kuma za ta iya tsagewa ta ɓare kamar ta na farko, sai dai ta fi shi jimawa.

Yadda za ka gane shi, koma bakin huda. Za ka ga fata a ƙasa, amma a samanta akwai wani siririn layi mai kaifi, launinsa daban, kamar an liƙa takarda. In ka sa farce a daidai mahaɗar, za ka ji yana so ya ɗago. A fatar da aka yi wa fenti kawai, launin ya shige jikinta ne, ba abin da zai ɗago. Kuɗin irin wannan takalmi ya kamata ya tsaya a tsakiya, ya fi na leda, bai kai na biyu ba.

Akwai ƙaninsa da ya fi shi muni, wanda aka fi samu a bel. Ana tattara ragowar fata a niƙa, a kwaɓa da gam, a matse ta zama faranti, a rufe da roba. Yana ƙamshin fata, kuma sau da yawa an buga masa tambarin Turanci mai cewa fata ce ta gaske. Bakinsa kamar na kwali yake, ba gashi-gashi. Lanƙwasa bel ɗin ta baya a wajen hudoji, in ka ga fuskar tana tattarewa tana rabuwa da cikin, ajiye shi. Tambari dai ƙarfe ne ake zafafawa a buga, kuma ba ya tambayar abin da aka buga shi a kai.

Me ya sa muke wannan dogon bincike a kan takalmin makaranta? Saboda yadda kowanne yake mutuwa. Robar Fi-Yu tana lalacewa da zafi da laima, ko ana sa ta ko tana ajiye, ita kuma Fi-Bi-Si sinadarin da ya tausasa ta yana fita a hankali, sai ta bushe ta tsage. Ɗalibin da yake taka ƙasa daga gida zuwa makaranta a zafin bazara, ya shiga damina da takalmin, ya fito cikin hunturu, ya haɗa wa leda duk abokan gabanta. In maɗaurin fata ya tsinke, shushaina zai ɗinke shi ya riƙe, domin zaruruwan suna kama zare. In na leda ne, kowace hudar allura rauni ce, zai sake yagewa a kan layin ɗinkin kamar takardar rasit. A ce, don lissafi kawai, na leda naira 5,000 ne kuma zango ɗaya yake yi, shekara ta ci 15,000. Na fata a ce 12,000 ne, ya yi shekara biyu da ɗinki sau biyu ko uku. Ku sa farashin kasuwarku ku buga da kanku.

Ba muna cewa leda haramun ba ce. Wanda kuɗin leda ne a aljihunsa ya sayi leda, kuma a tsakiyar watan Agusta takalmin roba zalla ya fi fata hankali, domin fata in ta jiƙe aka shanya ta a rana tana ƙandarewa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayi leda da kuɗin fata.

Wani zai ce, a ƙasar Kano, gidan fata, ya aka yi muke wannan magana? Tambaya ce mai kyau. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalman Kano da jemammiyar fata zuwa ƙasashe masu nisa. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Har gobe akwai majema da dukawa a cikin birni, Ƙofar Wambai da Kurmi cike suke da aikinsu, a Samaru ta Zariya kuma akwai cibiyar gwamnatin tarayya da ake koyar da kimiyyar fata. Amma mafi kyawun fatun akuya da tumaki da kamfanoni suke jemewa waje ake fitar da su, zuwa ƙasashe irin su Italiya da Sifen. Fatar saniya kuma da yawanta tukunya take shiga a matsayin ganda. Leda tana zuwa a naɗe kamar yadi, da araha, ba tabo, ba asara wajen yanka. Saboda haka "ɗinkin Kano ne" ba ya nufin fata ce. Baduku ɗaya zai iya yin duka biyun a rumfa ɗaya. Amfanin saye a wurinsa shi ne za ka iya cewa, "Baba, don Allah a nuna mini ragowar abin da aka yanka," ka juya shi a hannunka ba tare da wani ɗinki ya tare ka ba.

Jaka ta fi takalmi iya ɓoye kanta, 'yan mata sai ku matso. An yi mata shafi a ciki ya rufe baya, an shafe bakin hannunta da wani fenti mai kauri ya rufe baki. Duk da haka akwai ƙofofi. In igiyar ratayawa tana da hudojin ƙara tsawo, kin samu abin da muka duba a sandal. In babu, dubi ɗan guntun da aka ɗaura a kan zif don ja, yawanci daga abin da aka yi jakar aka yanko shi kuma bayansa a buɗe yake. Ko ki buɗe aljihun ciki ki leƙa inda aka ɗinka zif, sau da yawa bakin yana leƙowa a ƙarshen ɗinkin. Ki kuma lura da girma. Fatar akuya ƙarama ce, babbar jakar da aka yi da ita sai an haɗa yanki-yanki. In kika ga ƙatuwar jaka mai taushi, faranti ɗaya ba tabo ba haɗi, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ki ƙara dubawa.

Akwai wata sabuwar leda mai tsada da bayanta ba saƙa ba ce, wasu siraran zaruruwan roba ne da aka cakuɗa su yi kama da bayan fata. Ita kan ruɗi har waɗanda suka daɗe a sana'ar. Abin da yake tona ta shi ne ta cika daidai: kaurinta ɗaya ko'ina, launin cikinta ɗaya daga sama har ƙasa, yawanci ruwan toka, babu wannan sauyi daga matsattse zuwa sakakke.

Masu sayen gwanjo kuna da wata dama da sauran ba su da ita. Tun 1994 Tarayyar Turai ta kafa dokar cewa takalmin da za a sayar a can sai an nuna abin da aka yi shi da shi, shi ya sa za ku ga wata 'yar takarda a ƙarƙashin takalmi ko a cikin harshensa mai layi uku. Layin farko na saman takalmi ne, na biyu na shafin ciki, na uku na tafin da yake taka ƙasa. A gaban kowanne akwai alama. Hoton shimfiɗaɗɗiyar fata, kamar buzu, yana nufin fata. Buzun da aka sa wa alamar daiman ta karta a ciki yana nufin fatar da aka lulluɓe da roba, wato dangin sandal ɗinmu na uku. Zanen saƙa yana nufin yadi. Daiman shi kaɗai yana nufin wani abu daban, galibi roba. Takarda ana iya liƙa ta a ko'ina, don haka ku karanta ta sannan ku duba baki da baya ku ga ko sun yarda da ita.

Abu biyu kuma game da gwanjo. Na farko, saman takalmi zai iya zama fata mai kyau amma tafinsa na Fi-Yu ne da ya shekara da shekaru a ajiye. Lanƙwasa tafin sosai ka danna shi da farce. In ya yi ƙananan tsaga, ko ya yi danƙo, ko gari ya biyo farcenka, cikin mako ɗaya zai marmashe a hanya. Na biyu, ku leƙa shafin ciki. Kamfanonin waje da yawa suna yin shafi da fatar alade saboda araha da laushi, kuma alamar buzu ba ta faɗin dabbar. Ana gane ta da ƙofofin gashinta: manya ne, ana ganinsu ba sai an matso ba, kuma uku-uku suke zama kamar duwatsun murhu, da ɗan fili tsakanin kowane uku da na kusa da su. An fi ganinsu a wajen dunduniya da ƙarƙashin harshe. Ta akuya da ta tunkiya ƙofofinsu ƙanana ne, a jere cikin layi mai lanƙwasa. Wanda ya ga uku-ukun nan ya san abin da yake riƙe da shi, hukuncin sa shi kuma sai ya tambayi malaminsa.